Gishiri Ba Ya Hana Yunifom Koɗewa

Duk sanda aka kusa komawa makaranta, iyaye da teloli sukan cika kasuwar Kantin Kwari ta Kano da sauran kasuwannin yadi, kowa da shawarar da aka ba shi a gida: ka sayi mai kauri, ka guji na roba, kuma kafin a ɗinka a jiƙa shi a ruwan gishiri ya kwana. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe, wasu kuwa su ne dalilin da ya sa wandon yaro mai ruwan bula mai duhu yake komawa ruwan toka tun zango na biyu bai ƙare ba.

Maganar gishiri ce ta fi yaɗuwa, kuma ba gaskiya ba ce. Asalinta daga masana'anta ne. A lokacin da ake rina auduga ana zuba gishiri mai yawa a cikin ruwan rinin, don ya tura launi ya shiga zare. Aikinsa ke nan, kuma da an fitar da yadin aikin ya ƙare. Idan an yi rini mai kyau, launin ya riga ya kama zare, ba ya buƙatar gishiri. Idan kuwa rini ne mai araha wanda ya manne a sama kawai, gishiri zai iya rage zubarsa a wannan jiƙon, amma ranar da aka sa omo zai ci gaba da zuba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sukan ga ruwan wanki na uku ya fi na farko haske, sai su ce gishiri ya yi aiki, alhali rarar launin da bai kama ba ne ya gama fita, kuma da ruwa zalla aka jiƙa haka za a gani.

Wannan ya kawo mu kan wata maganar, cewa duk yadin da ya zuba a wankin farko ba shi da kyau. Nan akwai gyara. Yadi mai duhu yakan fitar da ɗan launi sau ɗaya ko biyu ya tsaya, kuma ba laifi ba ne. Wanda ake gudu shi ne mai zuba a kowane wanki, ko mai ɓata farar singileti idan yaro ya yi gumi.

Sai batun yadin roba, wato foliyesta. Da gaske ne yana da zafi. Auduga tana riƙe damshi kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, foliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. Saboda haka gumi ba ya samun inda zai shiga, sai ya tsaya tsakanin fata da riga. Yarinyar da ke sanye da doguwar riga da wando da hijabi na roba zalla, a aji mai rufin kwano a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, tana shan wahala ta gaske, kuma ƙurajen zafi a wuya da gadon baya suna biyo baya. Amma masu cewa roba ya fi saurin koɗewa sun juya maganar. Ana rina foliyesta ne da zafi mai kai kusan digiri 130 a cikin rufaffiyar tukunya, launin ya shige cikin zaren kansa, ruwan sanyi da sabulu ba sa iya fito da shi. Auduga zalla ta fi sanyi a jiki, amma ita ta fi saurin koɗewa, ta fi yamutsewa, kuma takan tsuke a wankin farko.

Shi ya sa a ganina haɗin biyun ne ya dace da ɗan makaranta. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne wanda ake kira tetiron, galibi kashi 65 foliyesta, kashi 35 auduga. Akwai kuma wanda auduga ta fi yawa a ciki, kamar kashi 60, kuma shi zan zaɓa wa riga da hijabi idan an samu. Wando da siket, da suke shan goga a benci da ƙasa, su tafi da mai kashi 65 ɗin.

Kauri kuwa ba shi da alaƙa da riƙe launi. Sau da yawa ma sitati ne aka cika wa yadi don ya yi nauyi a hannu. Murza gefensa da ƙarfi, idan wurin ya saki ya yi laushi ko farin gari ya fito, to wanki ɗaya zai tona shi. Riga tana son yadi mara nauyi, kimanin giram 110 zuwa 130 a kowace murabba'in mita, wanda idan ka kara shi a baki ka hura za ka ji iska ta ratsa. In yunifom ɗin mai layi-layi ne ko mai gida-gida, juya bayansa. Idan launin ciki da waje ɗaya ne, zaren aka rina kafin a saƙa, kuma wannan yana daɗewa. Idan bayan ya yi fari-fari, bugawa aka yi a sama.

A ce makaranta za ta sayi bandir goma na ruwan bula mai duhu. Kafin a biya, a sayi rabin yadi daga irin bandir ɗin, a yanka shi huɗu. A ajiye yanki na farko a cikin akwati, shi ne ma'auni. Na biyu a goga shi sau goma da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Ɗan dishi-dishin launi ba komai, amma idan ƙyallen ya rine, a bar yadin. Na uku a auna tsawonsa, a wanke shi da omo tare da guntun farin ƙyalle sau biyar, ana shanyawa tsakani, sannan a sake aunawa. Idan inci 18 ya koma 17, dole tela ya jiƙa yadin ya bushe kafin ya yanka, in ba haka ba wando zai ɗage. Na huɗu a rufe rabinsa da kwali a bar shi a rana mako guda. Idan layi ya fito fili tsakanin rufaffen da buɗaɗɗen, ba zai kai ƙarshen shekara ba. A ƙarshe a zare 'yan zare a kusantar da ashana: auduga tana warin takardar da ta ƙone ta bar toka mai laushi, roba kuwa yana narkewa ya dunƙule baƙi mai tauri, haɗin kuma yana nuna alamun biyu. Kuma a sayi duka a lokaci ɗaya, domin rinin wata tukunya yakan ɗan bambanta da na wata ko da sunan launin ɗaya ne.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa yadi alhali a wurin wanki yake. Ruwan bilic yana cinye launin auduga ya bar na roba, shi ya sa tetiron da aka sa wa bilic yake yin furfura-furfura. Ko a kan farar riga ba kullum yake taimako ba: idan ruwan rijiya ko na burtsatse yana da ƙarfe a ciki, bilic yakan mai da rigar rawaya-rawaya. Barin kaya su kwana a ruwan omo, da shanya su a tsakar rana tun safe har la'asar, duk suna cin launi, musamman ja da shuɗi a kan auduga. A juya rigar ciki ya koma waje, a ɗauraye sabulu sosai, a shanya a inuwa mai iska. Dutsen guga na gawayi kuma a bar shi ya ɗan huce, a goge ta ciki, domin ƙyallin da ke fitowa a gwiwa da bakin aljihun wando zaren roba ne ya fara narkewa, kuma wanki ba ya gyara shi.