Yadda Ake Rubuta Lambar Waya a Kati da Fasta Don Kwastoma Ya Kira Ba Tare da Kuskure Ba

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya zagaya Babban Giji ya ɓulla Tarauni, zai ga fastoci da banoni birjik: na masu gyaran waya, teloli, masu lallen amare, masu POS da masu sayar da data. Kusan kowanne akwai lambar waya a ƙasansa. Sai dai da yawa an cusa lambobin 11 a haɗe babu tazara, wasu an jera lamba uku a layi ɗaya, wasu kuma an ƙawata rubutun har ba a bambance 1 da 7.

Lambar waya ba ta yafe kuskure. Idan an yi kuskuren harafi a sunan shago, mai karatu zai gane abin da ake nufi, amma lamba ɗaya tak ta canza, kiran ya tafi wajen wani, mai shago kuma ba zai taɓa sanin ya yi asarar kwastoma ba. A wannan bayani za a ɗauki misalin wani mai gyaran waya a Babban Giji da ke son buga kati da bana. Lambar da aka yi amfani da ita, 0803 123 4567, ta misali ce kawai.

A raba ta huɗu, uku, huɗu

Lambar wayar salula a Najeriya lambobi 11 ce, kuma tana da sassa. Sifilin farko na kiran cikin gida ne. Ukun da ke biye da shi, kamar 803, su ne na kamfanin da ya fara fitar da layin, sauran bakwai kuma na mai layin ne. Saboda haka rabon da ya fi dacewa shi ne wannan:

```
08031234567      (a haɗe, da wuyar karantawa)
0803 123 4567    (huɗu, uku, huɗu)
```

Dalilin fara da huɗu shi ne mutane sun riga sun haddace su. Wanda ya ga 0803 ko 0806 ya san na MTN ne, 0802 na Airtel, 0805 na Glo, ba sai ya karanta su ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya rage masa ya riƙe guntaye biyu ne kawai, uku da huɗu, kuma wannan mutum zai iya riƙewa daga lokacin da ya ɗauke ido daga fasta zuwa lokacin da ya danna a wayarsa. Idan aka raba ta wata hanyar, misali 080 3123 4567, an farfasa ɓangaren da ido ya saba da shi, mai karatu kuma sai ya sake dubawa.

Tazara kawai ta isa wajen rabawa. Karan ɗori da ɗigo suna ƙara cunkoso, kuma a fastar da ta sha rana da ƙura ɗigo yakan koma kamar datti. Sannan babu buƙatar rubuta sunan kamfanin layi kusa da lamba. Tun 2013 da hukumar NCC ta ba da damar sauya kamfani ba tare da canza lamba ba, layin da ya fara da 0803 zai iya zama yana kan Airtel yanzu.

Tarkon sifili da +234

Kuskuren da ya fi yawa a katunan kasuwanci shi ne haɗa +234 da sifili. Lambar ƙasa ta Najeriya ita ce 234, kuma aikinta ta maye gurbin sifilin farko. Ɗaya daga cikinsu ake ɗauka, ba duka biyun ba.

```
0803 123 4567         daidai
+234 803 123 4567     daidai
+234 0803 123 4567    kuskure
+234 (0) 803 123 4567 yana rikita mai kira
```

Hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: a ƙirga. Bayan +234 dole a samu lambobi 10 cif. Idan sun kai 11, sifili ya saci hanya ya shigo. Wanda aka sa sifilin a cikin baka kuwa, mai tsarawa yana nufin na gida ya danna shi, na waje ya tsallake, amma yawancin masu karatu duk abin da suka gani suke dannawa.

To wanne ya kamata mai gyaran wayar ya zaɓa? Ya danganta da masu kiransa. Mutumin unguwa da zai kawo waya da fasasshen gilashi 0803 ya ishe shi. Amma Kano gari ne da baƙi ke shigowa daga Maraɗi da Damagaram, kuma wanda ke riƙe da layin Nijar idan ya danna 0803 kiran ba zai iso Najeriya ba, sai ya fara da +234. Samfurin +234 yana aiki ga kowa, na gida da na waje, shi ya sa ya fi dacewa da kati, tunda kati yana tafiya cikin aljihu har inda mai shi bai zata ba. Wanda bai san inda alamar + take a wayarsa ba, ya danne 0 na ɗan lokaci za ta fito.

Mai layin Nijar da ke son saka shi a kati, tsarinsa daban ne. Lambobin Nijar 8 ne, babu sifilin da ake cirewa, kuma bibbiyu ake raba su bayan +227.

Girman rubutu a kan bana

A kan kati matsalar ƙanƙanta ce. Katin da aka saba bugawa bai wuce kusan santimita 9 a faɗi ba, sai mai tsarawa ya cika shi da hoton waya da jerin ayyuka, ya matse lambar a lungu. Lambar ta kasance aƙalla girman 10 a CorelDRAW ko Canva, da kauri, a layinta ita kaɗai.

A kan bana kuwa nisa ne ke yanke hukunci. Masu buga alluna suna da ma'aunin da suke aiki da shi: duk nisan mita 3, rubutu yana buƙatar tsayin kusan santimita biyu da rabi kafin a karanta shi cikin sauƙi. A ce mai gyaran wayar yana son wanda ke tsallaken titi, nisan mita 15, ya iya karantawa. Mita 15 a raba da 3 ya ba da 5, sannan 5 sau biyu da rabi ya ba da santimita 12 da rabi. Wannan shi ne tsayin kowace lamba.

Daga nan sai a duba faɗi. A salon rubutu irin Arial, lamba mai wannan tsayin tana cin kusan santimita 10 a kwance. Lambobi 11 da tazara biyu za su ci kusan mita ɗaya da santimita 20. Bana mai ƙafa 6 faɗinta kusan santimita 183 ne, don haka lamba ɗaya ta zauna daram har da sarari a gefe. Amma lamba biyu a jere suna buƙatar kusan mita biyu da rabi, ba za su shiga ba sai an rage musu girma sosai, idan an rage kuma na tsallaken titi ya daina gani. Shi ya sa bana take son lamba ɗaya, kuma samfurin 0803 ya fi mata, domin ya fi gajarta kuma 'yan unguwa ne ke karanta ta.

Idan dole sai an sa lamba biyu, kowace ta hau layinta, a rubuta aikinta a gefe: ɗaya ta kira, ɗaya ta WhatsApp. A guji rubutu irin 0803 123 4567/8, domin ba kowa ke gane cewa lamba biyu ake nufi ba.

Launi ma yana da tasiri. Baƙi a kan fari ko ruwan ɗorawa yana fita tar, haka fari a kan shuɗi mai duhu. Jan rubutu a kan kore ko a kan hoto yana wahalar da ido, kuma ja yana saurin koɗewa a ranar Kano. Salon rubutun ƙawa mai lanƙwashe-lanƙwashe a bar wa sunan shago. Kafin a zaɓi salo, a rubuta 1 da 7, 3 da 8, 5 da 6 kusa da juna, a ja baya a gani ko suna rarrabuwa.

Linkin WhatsApp da lambar QR

Matasa da yawa sun fi son tura saƙo a kan kira. Ana iya haɗa linki da zai buɗe hira kai tsaye, amma ƙa'idarsa ta bambanta da ta kati: babu +, babu sifilin farko, babu tazara.

```
https://wa.me/2348031234567
```

Bayan wa.me/ lambobi 13 ne, wato 234 da goman da suka rage. Wanda ya sa 0803 kai tsaye, WhatsApp zai ce masa lambar ba daidai ba ce. Wannan linkin ake mayarwa lambar QR. A kan kati kada ta gaza santimita 2 kowane gefe, kuma a bar farin sarari kewaye da ita, in ba haka ba kyamara za ta sha wuya kafin ta kama. Duk da haka QR ba ta maye gurbin rubutacciyar lamba, domin mai ƙaramar waya ta maɓalli ba shi da abin da zai yi da ita.

Gwaji kafin a biya kuɗin bugu

Kuskure yakan shigo ne a wajen mai tsarawa, lokacin da ya sake buga lambar da hannu daga takarda ko daga abin da aka faɗa masa da baki. Gara a tura masa ita a rubuce ta saƙo ya kwafa. Idan lambobin ma'aikata da yawa ne aka tara a Excel, a lura cewa yana goge sifilin farko, 0803 ta koma 803, sai an mayar da layin zuwa Text kafin a shigar da su.

Da samfurin ya fito, kada mai lambar ya duba da kansa, domin ya haddace ta, idonsa zai ga abin da ya sani ko da ba shi ne a rubuce ba. A ba wani da bai san ta ba ya karanta ya danna, a tsaya sai wayar ta yi ƙara. Ita ma QR a gwada ta daga takardar da aka buga da wayoyi biyu daban. Ita kuwa bana, a buga lambar kaɗai da ainihin girmanta a kan takardu, a manna a bango, a taka zuwa tsallaken titi a karanta. Gwajin bai wuce minti biyar ba, kuma ya fi sauƙi a kan a gano kuskure bayan an raba kati ɗari biyar.