Me ke sa lasifika kuwwa idan an haɗa ta da wayar salula?

A wuraren ɗaurin aure, wa'azi da tallan haja a kan titin Ibrahim Taiwo da ke Kano, da unguwannin Fagge da Sabon Gari, akan ji lasifika ta ɓarke da kuwwa mai kashe kunne da zarar an haɗa ta da wayar salula.

Sau da yawa babu abin da ya lalace. Kuwwar na tasowa ne idan sautin da ya fito daga lasifika ya sake shiga makirufo, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, ya fito, ya kuma komawa. Haka zai yi ta kewayawa har ya zama kururuwa.

Yadda waya ke jawo matsalar

A ɗauki misalin taron da wani malami zai yi wa jawabi ta waya daga nesa. Sai a kara wayar a bakin makirufo, ga kuma lasifika mita 2 kacal daga wurin.

Da yake muryar wayar ba ta da ƙarfi, mai kula da na'ura zai yi ta ƙara wa makirufon sauti, har ya soma tsinto muryar lasifikar.

Bayan haka ita ma wayar tana da nata makirufon, wanda ke buɗe muddin ana cikin kira. Shi ne ke mayar wa malamin muryarsa, idan kuma ya sa tasa wayar a sifika, muryar na iya sake dawowa.

Matakan gyara

Da farko a rage sauti, sannan a riƙa kashe makirufo ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuwwar ta tsaya a kansa, shi ne ƙofar matsalar.

Maimakon kara waya, a jona ta da kebul mai bakin milimita 3.5 zuwa ramin da aka rubuta wa AUX ko LINE. Ramin MIC an yi shi ne domin sauti mai rauni, don haka waya kan fi ƙarfinsa, murya ta dagule.

Yayin da malamin ke magana, a danna Mute a wayar, sai za a yi masa tambaya a buɗe.

A kuma ajiye lasifika gaba da makirufo, tana fuskantar jama'a. A fili, matsar da ita daga mita 2 zuwa 4 na rage abin da ke isa makirufo da kusan desibel 6.

Rufe kan makirufo da tafin hannu kuwa, kamar yadda wasu ke yi, kan ƙara rura kuwwar ne.

Sai dai ba kowace ƙara ce kuwwa ba. Idan gurnani ne maras yankewa da ke ɗaukewa da an zare caja, to daga wutar lantarki yake, kuma maganinsa a bar wayar ta yi aiki da batirinta.