Daƙiƙa Goma na Farkon Bidiyo: A Fara da Waina, Gaisuwa Ta Biyo Baya

A ɗauki bidiyon mai koyar da girki da ke son nuna yadda ake suyar waina. Yawanci ga yadda yake farawa: tambarin tasha ya fito da kiɗa na daƙiƙa biyar, sai sallama, sai tambayar lafiyar iyali da yaya aka ji da zafi, sai roƙon a danna Subscribe. Rabin minti ya wuce ba a ga ko tanda ba. Mai kallo kuwa take ya karanta, hoton waina ya gani, shi ya sa ya shigo, kuma yatsansa na nan a kan waya.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar kyamara, jerin abubuwan kawai za a sauya. Daƙiƙa uku na farko a nuna wainar ana juya ta a tanda, ta yi ja, mai na ƙara. Wannan hoton yana can wajen ƙarshen abin da aka ɗauka, sai a yanko shi a kawo gaba. Daga nan zuwa daƙiƙa ta bakwai a faɗi matsalar da ta kawo mai kallo: "Idan wainarki na kama tanda ko ta ƙi tashi, daga ƙulli ne, yanzu za ki ga dalili." Kafin ta goma, hannu ya riga ya shiga shinkafar da aka jiƙa. A rubuta wannan jimla a jikin bidiyon ma, domin da yawa suna kallo ne ba tare da sauti ba.

Sallama fa? Bahaushe ba ya faɗa wa mutane haka kawai, kuma ban ce a yar da ita ba. "Assalamu alaikum" ba ta wuce daƙiƙa biyu, ana iya yin ta waina na kan allo. Doguwar gaisuwa da roƙon Subscribe su ne za su jira sai an ba mutum wani abin amfani.

Ana gane ko gyaran ya yi aiki. A YouTube Studio akwai jadawalin da ke nuna yawan waɗanda suka ci gaba da kallo a kowane lokaci, har da kason da suka kai daƙiƙa 30. Alƙaluman kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su fito. Kowane bidiyo layinsa yakan sauka a farko, don haka a kwatanta sabon da tsofaffi masu kusan tsawo ɗaya. Idan farkon ya gyaru amma layin ya rufto a minti na biyu, to an yi alkawarin da ba a cika da wuri ba. Wanda aka ce za a nuna wa sirrin ƙulli, a nuna masa kafin a shiga zancen miyar taushe.