Miyar gyaɗa mai laushi: daga damu aikin yake farawa

Kowa ya taɓa cin miyar gyaɗar da ta tsinke. An zuba ta a kan tuwon shinkafa, sai ga ruwa ya gangara gefen kwano, ga wasu 'yan curi-curi sun maƙale a saman malmala, a baki kuma ana jin gafin da daddawa ba ta iya rufewa ba. Akan ce wai ba a saka kayan ɗanɗano sosai ba, ko kuma gyaɗar ce ba ta da kyau. Sau da yawa ba nan matsalar take ba. Laushin miyar gyaɗa yana rataye ne a kan yadda aka dama ta kafin ta shiga tukunya, da irin tsamin da ta tarar a ciki, da kuma ƙarfin wutar da ke ƙarƙashi.

Ya kamata a fara da sanin abin da ke cikin ƙwayar. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Mai da ruwa ba sa haɗuwa da kansu. Abin da ke riƙe su wuri guda a cikin miya shi ne wannan furotin da 'yan ƙananan ɓarɓashin gyaɗar da aka niƙa. To shi furotin yana da hali: idan ya gamu da tsami da zafi mai ƙarfi a lokaci ɗaya, sai ya dunƙule. Duk wadda ta taɓa yin awara ta ga haka da idonta, yadda madarar waken suya ke tafasa lafiya lau, ana zuba ruwan tsami sai ta kama jikinta ta rabu da ruwa. A awara abin da ake nema ke nan. A miyar gyaɗa kuwa shi ne abin gudu, kuma ɗanyen tumatir da yakuwa su ne ke yin aikin ruwan tsamin.

Sai zaɓin gyaɗar. A gidaje da yawa ɗanya ake dakawa a saka a miyar taushe ko miyar zogale, kuma tana da nata daɗin, tana ba da miya mai haske da garɗi. Amma ɗanya ta fi saurin dunƙulewa, ta fi kuma daɗewa a wuta kafin gafinta ya fita. Mai neman miya mai santsi gara ta soya gyaɗar sama-sama, a kasko ko cikin yashi mai zafi, har sai jan ɓawon ya soma murjewa tsakanin yatsu, cikin ƙwayar ya yi ruwan zuma mai haske. Idan ta yi duhu sosai, ɗaci ya shiga, kuma babu abin da ke cire shi a tukunya. A murje, a fece ɓawon, a tsince duk ƙwayar da ta yamutse ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna. Wannan tsintar ba ta ɗanɗano ba ce kawai: fumfunar gyaɗa tana iya ɗauke da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke cutar da hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Bayan nan a kai inji a markaɗa ba tare da ruwa ba, sau biyu in da hali, har ta fito tana ƙyalli da manta. Turmi yana yi, sai dai da wuya ya kai ta laushin inji, don haka wadda ta daka sai ta shirya tacewa. Ita kuwa gyaɗar kwalba ta kanti, a duba jikinta tukuna, domin da yawa akwai sukari a ciki, kuma miya mai zaƙin sukari ba ta tafiya da tuwo.

Bari mu ɗauki tukunyar mutum shida. Naman sa rabin kilo, zai fi kyau a samu mai ɗan ƙashi. Soyayyar gyaɗa cikin gwangwanin madara biyu, wanda zai ba da markaɗe wajen giram 200. Tumatir huɗu, tattasai uku, attarugu biyu, albasa biyu, daddawa ƙwaya biyu, citta da tafarnuwa da ɗan masoro.

Ki ɗora naman da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa da gishiri kaɗan, da ruwan da zai bar miki romo wajen lita ɗaya da rabi bayan ya yi laushi. Kafin ya nuna, ki markaɗa kayan miyan ki dafa su a wata tukunya har ruwansu ya tsane, sannan ki soya da man gyaɗa ko manja ludayi ɗaya ƙarami. Kada ki cika mai, domin gyaɗar tana tafe da nata. Za ki gane sun soyu idan jan ya ƙara duhu, man ya fito gefe, kika ɗanɗana kuma kika ji tsamin tumatir ya kwanta. Wasu kan jefa 'yar kanwa don ta kashe tsamin, kuma tana yi. Sai dai kanwa ba ta da wuyar wuce gona da iri, tana dusashe launin miya, tana barin wani ɗanɗano kamar na sabulu. Ni dai na fi yarda da a ba tumatir lokacinsa a wuta. Idan sun soyu sai ki juye su cikin romon, ki saka dakakkiyar daddawa da masoro, ki bar su su tafasa tare.

Yanzu aka zo wurin da miya ke gyaruwa ko ta lalace. Kada ki ɗebi markaɗen da cokali ki jefa cikin romo yana tafarfasa. Bayan curin zai dahu nan take ya rufe cikinsa, kuma duk burgawar da za ki yi ba za ta narkar da shi duka ba. Ki zuba markaɗen a kwano mai faɗi, ki ɗebi romo ludayi ɗaya ki bar shi ya huce har ya zama mai ɗumi, sannan ki zuba ki soma damawa. Abin da zai faru da farko yana tsorata waɗanda ba su saba ba: maimakon ta saki, sai gyaɗar ta ƙara tauri, ta yi duhu, ta kama muciya kamar za ta zama tunkuza, har mai ya riƙa tsattsafowa. Ba lalacewa ta yi ba. Ruwan ne bai kai ya ratsa ta ba, ya dai sa ɓarɓashin ya manne da juna. Ki ƙara ludayi na biyu ki ci gaba, sai na uku. Wajen na huɗu za ki ga ta yi fari-fari ta saki, tana zuba daga ludayi kamar kunu mai kauri. Idan kin murza tsakanin yatsu kika ji tsaki-tsaki, ki tace da rariya.

Ki rage wuta kafin ki zuba. In icce ne ki janye wasu, in gas ne ki mai da shi ƙasa. Ki riƙa zubawa a hankali da hannu ɗaya, ɗayan yana juyawa. Daga nan miya tana son minti talatin zuwa arba'in tana ɓararraka a hankali, murfi a ɗan buɗe, domin da farko tana kumfa kuma tana iya zubowa. Duk bayan 'yan mintoci ki kai muciya har gindin tukunya ki karto, saboda gyaɗa tana kwanciya ƙasa ta kama. In kin ji ƙauri, kada ki kuskura ki kankare. Ki juye ta saman cikin wata tukunya, ki bar wadda ta kama a inda take.

Alamar nuna ba a agogo take ba. Kumfar za ta ɓace, launin ya tashi daga fari-fari ya koma ja mai duhu, sannan ɗigo-ɗigon mai su taso su kewaye bakin tukunya. Ki ɗanɗana: idan gafi ya tafi, babu wani gari-gari a kan harshe, ta yi. Miyar da aka sauke kafin mai ya taso ita ce ake kuka da ita cewa ta ɓata ciki. A nan ne kuma ake daidaita gishiri da dunƙule, ba tun farko ba, domin ruwa ya ragu sosai a wannan dogon dahuwa, kuma gishirin da ya yi daidai ɗazu yanzu zai iya yin yawa. Ganye ma a ƙarshe yake shiga. Alayyahu minti biyar ya ishe shi. Yakuwa kuwa ki tafasa ta daban ki zubar da ruwan farko, ki saka bayan gyaɗar ta gama nuna, lokacin da tsaminta ba zai iya tsinka miyar ba.

Ki sauke ta da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so, don tana ƙara kauri idan ta huce. In ta yi kauri da yawa, ruwan zafi ake ƙarawa, ba na sanyi ba. In kuma ta riga ta tsinke, ki tsame naman, ki burge ta da maburgi sosai ko ki juya ta a blanda bayan ta ɗan huce, sannan ki mayar kan wuta marar ƙarfi. Ba za ta koma kamar wadda aka yi daidai tun farko ba, amma za ta ciwu.

Agushi ɗan uwan gyaɗa ne a wannan aiki, shi ma kusan rabinsa mai ne, sai dai ya fi ta saurin dunƙulewa nesa ba kusa ba, musamman da yake ɗanye ake niƙa shi. Shi ya sa a ƙasar Yarabawa da ta Ibo masu girki da yawa ba sa faɗa da wannan hali nasa, amfani suke yi da shi: su kwaɓa garin da albasa da ruwa kaɗan, su riƙa jefawa cikin miya ko manja mai zafi, su ƙi juyawa har sai ya yi curi-curi masu taunuwa. Wannan ba kuskure ba ne, salon miyar ke nan. Wadda take son nata ya fito sumul sai ta bi akasin haka. Ta niƙa shi lilis, ta dama da ruwan ɗumi ya yi ruwa-ruwa, ta zuba cikin romon da tsaminsa ya mutu, wuta a ƙasa, kuma kada ta saki muciya a minti goma na farko. Ko da haka ba zai kai santsin gyaɗa ba, ɗan ɓarɓashi ba ya rabuwa da agushi.

Saura ajiya. Miyar gyaɗa da ta agushi ba sa jure zafi, a bazara tukunyar da aka sauke da rana tana iya yin tsami kafin gari ya waye. Idan babu firji, ki sake tafasa ta sosai da dare, ki rufe, kada a ƙara sa mata cokali, da safe kuma ki sake tafasawa. Wadda kika tarar tana kumfa ita kaɗai ko tana warin tsami, ɗumame ba zai gyara ta ba, zubarwa ake yi.