Idan hoton tambayar Fiziks ya zo a gutsure

Da zarar jarabawar WAEC da NECO ta ƙarato, ɗalibai a Tudun Wada da Doguwa da Kiru kan ɗauki hoton tambayoyin shekarun baya su tura wa malami ko wani yayansu da ke jami'a a Kano. Sau da yawa da dare aka ɗauki hoton da hasken tocila, takardar kuma ta sha hannu, sannan WhatsApp ya ƙara rage masa kyau. Sai a ga gefe ya yanke, ko wata lamba ta dushe. Mai amsawa yana iya ci gaba da aiki, amma da sharaɗin ya rubuta a fili abin da ya ɗauka a madadin abin da bai gani ba, kuma ya san wane giɓi ake cikewa, wane ne ba a cikewa.

Mu ɗauki tambaya guda. An sako dutse daga wani tudu, ana son sanin sakan nawa zai yi kafin ya taɓa ƙasa. Layin ƙarshe, inda ake ba da g, ya yanke. Nauyin dutsen ya shafe. Tsayin tudun kuma bai fito sosai ba, ko mita 45 ne ko 4.5.

Batun g mai sauƙi ne. A tambayoyin WAEC da JAMB an saba cewa a ɗauki g = 10 m/s², ko da yake ainihinsa ya fi kusa da 9.8. Tunda sako dutsen aka yi, daga tsaye ya fara, wato u = 0, kuma a wannan mataki ba a lissafa tirjiyar iska sai an ambace ta. Waɗannan uku al'adar fannin ce ta tsayar da su, don haka sai a jera su a saman amsa. Da t = √(2h/g) da tsayin mita 45, amsa sakan 3 ce cif. Da a ce 9.8 aka ba da a layin da ya yanke, da an sami 3.03, bambancin da bai kai a ɗaga murya ba. Nauyin dutsen kuwa bai ma shiga lissafin ba, sai a faɗi hakan a wuce.

Tsayin ne abin tsoro, domin mai tambaya kaɗai ya san shi. Idan 4.5 ne, amsa ta koma sakan 0.95, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na waccan. Ɗigo guda, wanda wataƙila ƙura ce a kan gilashin waya, ya yi ɓarnar da g bai yi ba. A nan sai a yi lissafin duka biyun, a rubuta: idan 45 ne ga amsa, idan 4.5 ne ga amsa. Ana iya ƙarawa da cewa 45 ya fi kama da gaskiya, saboda masu shirya jarabawa suna son lambobin da ke fita ba saura, kuma idan zaɓin A zuwa D ya fito a hoton, a duba ko akwai 3 a ciki. Wannan dai alama ce kawai, a faɗe ta a matsayin alama.

Abin da na ga an fi sakaci da shi shi ne kalmar da ta yanke, don ido lamba yake nema. Idan rabin jimlar da ya ɓata cewa ya yi an jefo dutsen ƙasa da gudun mita 5 a sakan, lissafin ya zama 45 = 5t + 5t², amsa kuma kusan sakan 2.5. Haka yake a tambayar matsin ruwa, P = ρgh. Idan ruwa ne irin na madatsar Tiga da ke Bebeji, ɗaukar ρ = 1000 kg/m³ daidai ne, kuma a zurfin mita 10 ruwan kaɗai zai ba da 100,000 Pa. Amma idan sunan abin da ke cikin mazubin ya yanke, kananzir wajen 800 yake, zaiba kuwa 13,600. Wanda ya sa 1000 bai faɗa ba ya amsa wata tambaya ce daban, ɗalibin kuma zai haddace ta yana zaton tasa ce.

Idan abin da ya ɓata ba shi da sanannen adadi, a bar shi a harafi. Da kuzarin dutsen aka nema, sai a rubuta E = mgh = 450m idan tsayin mita 45 ne, a ce wa ɗalibin ya sa adadin kilon da ke takardarsa a gurbin m.

Ku kuma ɗalibai, ku shimfiɗa takarda inda akwai haske, ku haɗa da zane da zaɓin amsoshi da layin ƙarshe, sannan ku buga lambobin da hannu a ƙarƙashin hoton kafin ku tura.