Ko Kun Sani?

Ko kun sani cewa ɗan Adar da aka haifa sa'ad da iyayensa ke ci-rani a Sakkwato ko Illela ta Najeriya, ko da a Tawa ya girma, takardar haihuwarsa da Ingilishi take, ba da Faransanci ba, kuma idan ya nemi iznin zama a Jamus sai rantsattsen tafinta ya yi mata tarjama zuwa Jamusanci ya buga hatiminsa?

Inda mas'alar take shi ne, takardun iri biyu ne. Tun da dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Najeriya, wanda aka yi wa rajista a littafinta yana samun Certificate of Birth, ita ce Jamusawa ke kira Geburtsurkunde. Amma wanda haihuwarsa ta gabaci wannan doka, galibi abin da ke hannunsa Attestation of Birth ce, wadda hujjarta rantsuwa ce da wani dattijon dangi ya yi a kotu bayan shekaru sun shuɗe. Tafinta mai amana ba zai ba ta sunan waccan ba, sai ya rubuta Geburtsbescheinigung ko makamancinta, domin jami'in da ke duba fayil ya san cewa bisa shaidar baki aka rubuta ranar.

Haka nan ba ya halatta ya gyara suna. In Aboubacar ke cikin fasfo, Abubakar kuwa a takarda, yadda ya gani zai kwafa, ya yi ta'aliƙi a ƙasa in da bukata. Daidaita su kuwa haƙƙin hukumar da ta ba da takardar ne.