Sayar da Abin Aro a Kasuwar Hannun Jari

Wani ɗan kasuwa yakan ari hannun jari daga dillali, ya sayar nan take, yana sa ran farashi zai faɗi ya sayo da araha ya mayar. A ce ya ari guda 100 ya sayar a dala 20 kowanne. In farashi ya sauka zuwa 12, ribarsa dala 800 ce. In ya hau zuwa 60, asararsa dala 4,000, kuma dillali zai kira shi ya ƙara kuɗin jingina, ko ya saye a madadinsa ko nawa ne. Haka ta faru da masu aron hannun jarin GameStop a Amurka a Janairun 2021. Faɗuwar farashi tana tsayawa a sifili, hauhawarsa kuwa ba ta da iyaka.